Gajeren aiki a gaba: inda lissafinsa ya tsaya, inda ya karye, da yadda tsufa a layi ke ceton dogon aiki

*Assalamu alaikum Malam. A darasin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta an ce mana SJF ya fi kowane tsari rage jira, amma kuma wai ba a aiki da shi. To in shi ne gwani, me ya hana? Kuma ban gane yadda abin da ake kira ejin ke hana wani aiki daɗewa a layi har abada ba.*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki biro da takarda, domin wannan batu sai an sa lambobi a ƙasa yake zama a kai.

A ce furosesa ɗaya ce, ayyuka huɗu sun iso gabanta lokaci guda. A yana buƙatar milisakan 12, B yana buƙatar 3, C yana buƙatar 7, D kuma 2. Idan aka bi su yadda suka shigo, A ba zai jira komai ba, B zai jira 12, C zai jira 15, D zai jira 22. Jimlar jira 49 ke nan, in ka raba huɗu kowa ya tashi da 12.25. Yanzu juya layin, gajere a gaba, wanda shi ne tsarin da ake kira SJF: D, B, C, A. D bai jira ba, B ya jira 2, C ya jira 5, A ya jira 12. Jimla 19, matsakaici 4.75. Furosesar ba ta ƙara sauri ba. A duka biyun sai milisakan 24 ta gama komai. Wurin tsayuwa kawai aka sauya.

Dalilin shi ne duk aikin da ke gaba, tsawonsa yana hawa kan kowa da ke bayansa. Na farko mutum uku ne ke jiransa, saboda haka tsawonsa sau uku yake shiga jimla. Na biyu sau biyu, na uku sau ɗaya, na ƙarshe kuwa ba wanda ke jiransa:

```
jimlar jira = 3*t1 + 2*t2 + 1*t3 + 0*t4
```

Sa lambobin layin farko za ka samu 36 da 6 da 7, wato 49. Na biyu 6 da 6 da 7, wato 19. Wanda ke son jimlar ta yi ƙasa, dole ya ba babban ninki ƙaramar lamba.

Hujjar da ke tabbatar da cewa babu wani jeri da zai doke wannan gajeriya ce, kuma ita nake so ka riƙe fiye da lissafin. Ɗauki kowane layi ka nemi ayyuka biyu da ke manne da juna, na gaba dogo, na baya gajere. Musanya su. Waɗanda ke gabansu ba abin da ya taɓa su. Waɗanda ke bayansu ma haka, tunda jimlar tsawon biyun ba ta canza ba. Tsakanin su biyun ne kawai aka samu bambanci: gajeren ya huta da jiran tsawon dogon, dogon ya ɗauki jiran tsawon gajeren. An rage babba, an ƙara ƙarami. Gwada da A da B a layin farko: B, A, C, D zai ba ka 0, 3, 15, 22, jimla 40. An samu ragin 9, wato 12 a cire 3. Saboda haka duk layin da ke da dogo a gaban gajere ana iya gyara shi, kuma layin da ba shi da sauran gyara shi ne wanda aka jera daga ƙarami zuwa babba. W. E. Smith ya buga irin wannan sakamako tun 1956, a fagen tsara ayyukan masana'anta.

Wannan hujja tana da sharuɗɗa, kuma a aji sau da yawa ana wuce su da gudu. Furosesa ɗaya ce. Duk ayyukan suna nan tun farko. An san tsawon kowanne. Kuma abin da ake aunawa matsakaicin jira ne, ba wani abu ba. Da an cire ɗaya daga ciki, maganar ta sauya.

Duba na biyun. A mai 12 ya iso shi kaɗai a milisakan 0, B da D suka iso a milisakan 1. Idan ba a katse aikin da ya fara, A zai riƙe furosesa har 12, D ya jira 11, B ya jira 13, jimla 24. Da furosesar ta zauna ba ta yin komai na milisakan 1, ta ɗauki D, sannan B, sannan A, da jimlar 8 ce kawai. Ka ga SJF marar katsewa ba shi ne gwani ba da zarar ayyuka na shigowa a lokuta daban-daban. Wanda ke riƙe da kambun a wannan hali shi ne ƙaninsa mai katsewa, SRTF, wanda a kowane lokaci yake ba wa mai ƙarancin sauran aiki furosesa. Shi zai tsayar da A a milisakan 1, ya sallami D da B, ya dawo da A a milisakan 6, jimla 7. Linus Schrage ya kawo hujjar fifikonsa a 1968. Amma ita ma hujjar ta ɗauka cewa katsewa kyauta ce, alhali kowane sauyi daga aiki zuwa aiki yana cin 'yan maikurosakan, ga kuma ma'ajiyar kusa ta furosesa da sai ta sake cika da bayanan sabon aiki.

Sharaɗi na uku ne ya karya tsarin. Mai injin niƙa in ya ga yarinya da kwano ɗaya na masara a bayan mai buhu, zai iya cewa ta matso a sallame ta, domin idonsa na ganin kwano yana ganin buhu. Kenal, wato zuciyar manhajar da ke raba furosesa, ba ta ganin wannan. Abin da ke gabanta zare ne, wato guntun shiri da ake ba furosesa, da ya shirya gudu. Ko zai yi rabin milisakan ya koma jiran faifai, ko zai yi minti goma yana lissafi, ba a rubuce yake a goshinsa ba. Tsawon ya dogara da abin da mai kwamfuta zai danna, da girman fayil ɗin da za a buɗe, da saƙon da bai iso daga intanet ba tukuna. Karanta rubutun shirin ma ba zai fisshe ka ba. Tun 1936 Alan Turing ya nuna iyakar abin da inji zai iya yankewa a kan halin wani shiri, kuma daga nan aka san babu hanya ɗaya da za ta faɗi ko kowane shiri zai tsaya, balle ta faɗi yaushe.

Hanya biyu ta rage: a tambayi mai aikin, ko a yi hasashe.

Tambaya tana yiwuwa a manyan kwamfutocin bincike, inda ake miƙa aiki a tafi a dawo. A Slurm, manhajar da ke tsara layi a irin waɗannan kwamfutoci, misali, mai aiki yana rubuta `--time` ya faɗi iyakar lokacin da yake so. Idan gajarta na kai mutum gaba, kowa zai ce nasa gajere ne. Maganin da aka yi shi ne a kashe aikin da ya wuce lokacin da ya faɗa. Sai kuma abin ya juye: wanda ya taɓa asarar lissafin kwana guda saboda minti biyar, gobe ninka lokacin zai yi. Ko ta ina, lambar da ke hannun mai tsara layi ba ainihin tsawon aikin ba ce.

Hasashe kuwa ana yin sa da tarihin zaren. Ana auna tsawon gudunsa na baya-bayan nan, a gauraya da tsohon hasashe:

```
sabo = a * gudun_baya + (1 - a) * tsoho
```

Ɗauki `a` a matsayin 0.5, hasashen farko 10. Zaren ya yi gudu uku a jere, kowanne milisakan 2. Hasashen zai sauko 6, sannan 4, sannan 3. To a ce wannan manhajar gyara hoto ce, tun ɗazu mai ita linzami kawai yake motsawa, yanzu ya danna a tace hoton gaba ɗaya. Gudu na huɗu ya ci 21. An sa shi a gaba da sunan mai 3, kuma in babu katsewa duk na bayansa sun sha jiran 21. Hasashen zai hau 12, in ya sake yin 21 ya hau 16.5, har yanzu bai kamo gaskiya ba. Sannan lokacin da ya koma gajerun gudunsa, za a ci gaba da tura shi baya da laifin da ya riga ya wuce. In ka ɗaga `a` kusa da 1, hasashen zai bi canji da sauri amma gudu ɗaya na kuskure zai ruɗa shi. In ka sauke kusa da 0, zai yi nauyin jiki. Sabon zare kuma ba shi da tarihi ko kaɗan. Hujjar musanya ta yi magana ne a kan ainihin tsawo, ba ta yi wa kowa alkawari a kan hasashe ba.

Ko da an ba ka ainihin tsawon kowane aiki, akwai sauran matsala, kuma ita ce ta sharaɗi na huɗu. Matsakaici ba ya nuna wanda aka danne.

Ga dogon aiki L mai milisakan 20, ya iso a 0. Tare da shi akwai gajere mai 4, kuma duk bayan milisakan 4 wani gajeren mai 4 yana shigowa. A 0 an ɗauki gajere. A 4 ya gama, ga wani sabo, 4 bai kai 20 ba, an ɗauke shi. A 8 haka, a 12 haka. L a shirye yake, ba ya jiran faifai, ba ya jiran makulli, furosesa kuma ba ta tsaya ba. Kullum dai akwai wanda ya fi shi gajarta. Wannan shi ake kira yunwa. Ya bambanta da cijewar da ayyuka ke yi in kowa ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke nema, domin a can komai ne ke tsayawa, a nan kuwa aiki na tafiya sumul, mutum ɗaya ne aka manta da shi. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne awon da aka saba yi ba ya kama shi. In kana lissafa jiran ayyukan da suka kammala ne kawai, za ka ga sifili, domin L bai kammala ba balle ya shiga lissafi.

A yi wa tsarin adalci: yunwa ta har abada sai gajerun ayyuka sun cinye furosesa ɗari bisa ɗari. In suna cin kashi 80 ne, akwai giɓi, kuma L zai samu shiga. Nikhil Bansal da Mor Harchol-Balter sun nuna a 2001 cewa a irin cunkoson da yawancin ayyuka ƙanana ne, ƙalilan kuma manya ƙwarai, cutar da dogayen ke sha a tsarin mai katsewa ba ta kai yadda ake tsoro ba. Sai dai tsarin da kansa bai ba da iyakar jira ba, kuma lokacin da cunkoso ya yi tsanani, lokacin ne aka fi buƙatar iyakar.

Ejin, ko mu ce tsufa a layi, shi ne ya kawo iyakar. Ana daina duba tsawon aiki shi kaɗai, a sa jiran da ya yi ya zama masa jari. Kowane aiki yana da maki, mai ƙaramin maki shi ke shiga:

```
maki = tsawo - k * jira
```

Sa `k` ya zama 0.5, mu koma kan L. A 0 makinsa 20, gajere na da 4. A 4 ya sauko 18, a 8 ya sauko 16, duk zagaye yana zubar da 2. Kowane sabon gajere kuwa da 4 yake zuwa, tunda bai jira komai ba. A 28 L na da 6. A 32 yana da 4, sun yi kunnen doki, kuma ƙa'ida ita ce in an yi kunnen doki wanda ya riga zuwa ya shiga. L ya samu furosesa bayan jiran milisakan 32. Kana iya sanin wannan lamba tun kafin a kunna na'ura: bambancin tsawonsu, 16, a raba da `k`. In `k` 0.1 ne, jiran 160 ne. In 4 ne, jiran 4 ne kacal.

A nan za ka ga `k` maɓalli ne tsakanin tsari biyu. A sifili SJF ne tsantsa da yunwarsa. In ya yi girma sosai, tsawo ya daina tasiri, an koma wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Hanyar zaɓensa ita ce ka fara daga jiran da za ka iya jurewa, ka yi lissafi baya. In aiki mafi tsawo milisakan 500 ne, mafi gajarta kusan sifili, kuma ba ka yarda sabbin zuwa su ci gaba da tsallake kowa bayan daƙiƙa 2 ba, to 500 a raba da 2000, `k` ya zama 0.25. Lura da abin da wannan iyaka ke nufi: bayan daƙiƙa 2 babu sabon da zai sha gabansa. Waɗanda suka riga suka shiga gabansa kuwa sai an sallame su tukuna.

Akwai farashi. L yana gudu daga 32 zuwa 52, gajeru biyar sun taru a bayansa. Wanda ya zo a 32 zai jira 20. Wanda ya zo a 36 zai fara a 56, shi ma 20. Tunda a misalinmu gajerun sun riga sun cinye furosesar gaba ɗaya, wannan bashi na 20 ba zai biyu ba sai an samu giɓi. Tsufa ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi, raba jiran yake yi. In aikin da ke shigowa ya fi abin da na'ura za ta iya, layi zai yi ta tsawo ko wane `k` ka sa, kuma maganin can shi ne ƙarin furosesa ko ƙin karɓar wasu ayyuka.

In za ka rubuta wannan da kanka, kada ka bi layi kana rage wa kowa maki duk bugun agogo. Jira shi ne yanzu a cire lokacin isowa, saboda haka makin ya zama tsawo, a haɗa da `k` sau lokacin isowa, a cire `k` sau yanzu. Wannan na ƙarshen ɗaya ne ga kowa, ba ya sauya jeri. Ka lissafa lamba ɗaya ranar shigowa, shi ke nan:

```python
heappush(layi, (tsawo + k * isowa, isowa, lamba, aiki))
_, _, _, na_gaba = heappop(layi)
```

Gwada: L na da 20 da 0, wato 20. Gajeren da ya zo a 28 na da 4 da 14, wato 18, ya wuce L. Wanda ya zo a 32 na da 4 da 16, wato 20, sai `isowa` ta raba gardama L ya shiga.

Akwai wani salon, HRRN, wanda ke ɗaukar mai babban `(jira + tsawo) / tsawo`. Gajere mai 4 da ya jira 2 yana da 1.5, L sai ya jira 10 kafin ya kai haka. Ba ya buƙatar `k`, amma jerinsa na sauyawa da lokaci, dole a sake lissafa wa kowa duk sanda za a zaɓa, kuma har yanzu yana neman tsawon da ba a sani ba.

Kurakurai uku ne suka fi faruwa. Na farko, a ƙirga barcin zare a matsayin jira. Zaren da ya yi minti guda yana jiran a danna maɓalli ba yunwa yake ji ba, agogon tsufa yana farawa ne daga lokacin da ya shirya gudu. Na biyu, a manta a mayar da darajarsa bayan ya samu rabonsa, sai a hankali kowa ya taru a sama, fifiko ya rasa ma'ana. Na uku kishiyar wannan ne, a tsarin mai katsewa: a mayar da darajar nan take da ya hau furosesa, gajere na gaba ya ture shi bayan milisakan 1, ya koma tsufa daga farko. A takarda ba yunwa, a zahiri aikin milisakan 20 zai ci ɗaruruwa. Wanda tsufa ya shigar da shi, a ba shi cikakken rabon lokaci kafin a taɓa shi.

Manhajojin da muke amfani da su sun ɗauki darasin SJF ba tare da neman lambarsa ba. Tun CTSS, wani tsarin tafiyar da kwamfuta wanda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka bayyana a 1962 a MIT, ake jera layuka hawa-hawa: sabon aiki ya fara a sama, in ya cinye rabonsa bai saki furosesa ba a sauke shi ƙasa. Halinsa ne ke tona tsawonsa. Na ƙasa kuwa su ne masu haɗarin yunwa, shi ya sa ake ɗago su lokaci-lokaci. Windows na da zaren kenal da ke dubawa duk daƙiƙa, in ya samu wanda ya yi kusan daƙiƙa 4 a shirye bai gudu ba sai ya ɗaga shi zuwa daraja ta 15 na ɗan lokaci, sannan ya koma matsayinsa. Linux ta bi wata hanya da CFS, mai tsara layin da ta kawo a 2007: a tsarinsa kowane zare na da `vruntime`, lambar da ke ƙaruwa in yana gudu, sai a ɗauki mai ƙarami. Na mai jira yana tsaye, na sauran na hawa, dole a iso kansa. Zare mai `nice` 19, wato mafi ƙarancin fifiko, nauyinsa 15 ne, mai 0 kuma 1024, saboda haka in su biyu ne a furosesa ɗaya na farkon zai samu kusan kashi 1.4 cikin ɗari. Kaɗan ne, amma ba sifili ba. EEVDF da ya gaje shi a sigar 6.6 a 2023 ya riƙe wannan rabo bisa nauyi. A Slurm kuwa tsufan a fili yake, `PriorityWeightAge` ne ke faɗin nauyinsa, `PriorityMaxAge` ke faɗin inda yake tsayawa, `sprio` kuma zai nuna maka makin da kowane aiki ya tara.

In kana zargin wani aiki na jin yunwa a Linux, duba abu biyu:

```
ps -o pid,stat,time,cmd -p 4312
cat /proc/4312/schedstat
```

Sa lambar aikinka a madadin 4312, ka maimaita bayan daƙiƙa goma. Idan `STAT` na nuna `R` amma `TIME` bai motsa ba, a shirye yake ba a ba shi ba. A fayil na biyu, lambar farko lokacin da ya yi a kan furosesa ne, ta biyu lokacin da ya yi a layi, duka a nanosakan. Ta biyun na kumbura ta farkon da ƙyar take motsawa, yunwa ce, kuma abin da za ka fara nema shi ne zaren `SCHED_FIFO` da ya riƙe furosesar, domin wannan ajin ba ya bin rabon adalci. Idan kuwa `STAT` na nuna `S` ko `D`, faifai ko makulli ko saƙo yake jira, ba mai tsara layi ne ya hana shi ba. A layin da ka rubuta da hannunka kuma, ka riƙa fitar da shekarun aikin da ya fi kowa daɗewa yana jira, kusa da matsakaicin, domin a misalin L matsakaicin na cewa sifili a daidai lokacin da waccan lambar ke hawa 4, 8, 12.